Nazarin lamari: layin gigabit da ya koma megabit 100 a wani shagon tace bidiyo

Yadda wurin yake

Shagon na tace bidiyon biki ne, a bene na farko na wani gini a cikin Kano. Kwamfutoci uku ne a ɗakin aiki, sai kuma wata sabar ajiya a ɗan ɗakin baya, inda ake juye duk abin da masu kyamara suka ɗauko. Kusa da sabar akwai suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin suke haɗuwa a jikinsa, mai ƙofa takwas, irin wanda ake iya buɗe shafinsa a burauza a ga halin da kowace ƙofa take ciki. Duk ƙofofin na gigabit ne, wato megabit 1000 a daƙiƙa, kuma katin sadarwar kowace kwamfuta haka yake.

Kwamfutar da ake magana a kanta ita ce ta can ƙurya, wadda ta fi nisa. Wayarta ta taso daga suwic, ta bi gefen bango, ta ratsa ta saman ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu, sannan ta sauka a wata soket ta bango. Tsawonta kimanin mita 38, ga kuma 'yar gajerar waya ta mita 2 daga soket zuwa kwamfuta. Ƙa'idar wannan irin waya ta yarda har mita 100, don haka tsawo ba ya cikin abin zargi. A jikin wayar an rubuta Cat5e.

Ma'aunin da mutanen shagon suka sani ba megabit ba ne, agogo ne. Bidiyon biki guda yakan kai gigabait 40, kuma kwafo shi daga sabar yana ɗaukar minti 6 ko kusa da haka. A kan allo lambar takan tsaya wajen megabait 110 a daƙiƙa. Bait ɗaya bit takwas ne, saboda haka wannan lamba ita ce abin da layin gigabit lafiyayye yake bayarwa bayan an cire ɗan abin da tsarin aikawa yake ci.

Asabar zuwa Litinin: farkon matsala

Ranar Asabar mai shagon ya kawo mai walda ya cire ƙofar katako ta ɗakin baya, ya kafa ta ƙarfe saboda tsaro. Ba a yi aiki ranar Lahadi ba. Ranar Litinin da safe mai tace bidiyo na kwamfutar ƙurya ya fara kwafo fayil, sai ya ga allon ya ce saura awa ɗaya. Lambar ta tsaya cak a megabait 11, ba ta hawa ba ta sauka. Fayil ɗin ya iso lafiya, babu abin da ya lalace, sai dai ya ci minti 60 da 'yan kai. Sauran kwamfutoci biyun suna aikinsu yadda suka saba.

Babu wanda ya haɗa wannan da ƙofar a ranar.

Talata da Laraba: abin da aka fara gwadawa

An fara da kashe komai a kunna: kwamfuta, suwic, sabar. Megabait 11. Aka zargi kamfanin intanet, har aka sake sayen data, alhali fayil ɗin daga ɗakin baya yake zuwa, ba ya fita daga ginin. Aka binciki ƙwayar cuta, ba a sami komai ba. Aka sake saka direban katin sadarwa. Aka canza gajerar wayar da ke tsakanin soket da kwamfuta da wata sabuwa, aka kuma mayar da doguwar wayar daga ƙofa ta 3 zuwa ta 6 a jikin suwic. Duk dai megabait 11.

Waɗannan biyun na ƙarshe sun cire abubuwa biyu daga zargi, gajerar waya da ƙofar suwic, ko da yake a lokacin an ɗauke su a matsayin wahalar banza. Yaron shagon ya kuma lura cewa fitilar ƙofar da wayar ƙurya take ciki launinta ya bambanta da na sauran, kuma da aka matsar da wayar, launin ya bi ta. A wannan suwic ɗin kore na nufin gigabit, ruwan ɗorawa na nufin megabit 100 ko 10. Ba kowane kamfani ne ke bin wannan launi ba, sai an duba abin da aka rubuta a jikin na'urar.

Alhamis: an tilasta wa katin sadarwa

Ranar Alhamis yaron shagon, wanda hannunsa ya ɗan faɗa a harkar kwamfuta, ya shiga saitin katin a Windows, ya sami layin da aka rubuta `Speed & Duplex`. Ya tarar da shi a kan `Auto Negotiation`, sai ya mayar da shi `1.0 Gbps Full Duplex`. Nan take layin ya ɗauke gaba ɗaya, kwamfutar ta ce ba a jona waya ba, fitilar suwic ta mutu. Ya tsorata, ya koma saitin, amma maimakon ya mayar da shi yadda ya same shi, sai ya zaɓi `100 Mbps Full Duplex`, tun da dai ya ga ɗarin ce take aiki.

Layin ya dawo, amma kwafi ya lalace fiye da da. Lambar ta daina tsayawa wuri ɗaya: ta hau megabait 2, ta faɗo ƙasa da 1, ta tsaya kamar ta mutu, ta sake motsi. Allon ya fara lissafa awa goma sha wani abu. Abin da ya ƙara rikita su shi ne buɗe shafukan intanet da ƙananan fayiloli bai nuna wata matsala ba. Aka kwashe aikin wannan kwamfutar aka raba wa sauran biyun, ga kuma bikin ƙarshen mako da aka yi alkawarin bayarwa.

Asabar da safe: raba matsala biyu

Ranar Asabar aka kira ni. Mai shagon ya tare ni da cewa, "Injiniya, ni dai ka gaya min gaskiya, in kwamfutar ce ta mutu mu san abin yi." Na ce, "Alhaji, a ba ni awa ɗaya kafin a yanke mata hukunci."

Abin da na fara yi shi ne tambayar ɓangarorin biyu yadda kowanne yake ganin layin. A kwamfutar:

```
Get-NetAdapter | Format-Table Name, LinkSpeed, FullDuplex
```

Ta amsa da `100 Mbps` da `True`. A shafin suwic kuwa, ƙofa ta 6 tana nuna `100M Half`, kuma ma'aunin `Late Collisions`, wato makararren karo, yana ta ƙaruwa duk lokacin da aka fara kwafi. Waya ɗaya, amma kowane kai da nasa labarin.

Ga abin da ke faruwa. Idan aka jona waya, na'urori biyun sukan aika wa juna jerin abin da kowacce za ta iya, su zaɓi mafi girma da suka yi tarayya a kai. Cikin abin da suke daidaitawa har da salon magana. Akwai na bi-da-bi, wato `Half`, irin na oba-obar 'yan sanda, inda ɗaya zai yi shiru sai ɗaya ya gama. Akwai kuma na lokaci guda, wato `Full`, irin na wayar salula, inda kowa zai iya magana yana kuma ji. Da yaron ya tilasta wa katin megabit 100, sai katin ya daina aika wancan jeri. Suwic ya saurari siginar da ke shigowa ya gane cewa ta megabit 100 ce, domin wannan ana iya gane ta daga siffarta, amma salon magana ba a iya gane shi ta haka. A irin wannan hali ƙa'ida ta ce ya ɗauki bi-da-bi.

To sai ya zama kwamfuta tana aikawa duk sanda ta ga dama, shi kuwa suwic duk lokacin da yake tsakiyar aika fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, ya ji magana ta shigo, sai ya ɗauka karo aka yi, ya katse abin da yake aikawa. A layin bi-da-bi mai lafiya, karo yana faruwa ne a cikin bait 64 na farkon fakiti, kuma na'urar takan sake aikawa da kanta. Wanda ya zo bayan haka shi ne makararren karo, kuma galibi fakitin zubar da shi ake yi, sai manhajar da ke sama ta gane an yi asara ta rage gudu ta sake nema. Shi ya sa ƙaramin saƙo yake wucewa lafiya, domin da wuya ya ci karo da wani, amma babban fayil da ke cika layi yake durƙushewa.

Na mayar da saitin `Auto Negotiation`. Ɓangarorin biyu suka daidaita a megabit 100, salon lokaci guda, makararren karo ya tsaya, kwafi ya koma megabait 11 daram. An dawo inda ake ranar Litinin ke nan. Na nuna wa yaron shafin suwic ɗin da yadda ake karanta shi, domin shi ne zai ci gaba da zama da na'urorin bayan na tafi.

Asabar da rana: bin waya

Saura matsalar asali. Na cire kwamfutar daga soket na jona laftof ɗina mai Linux. Fitila ba ta kama nan take ba, sai da ta ɗauki daƙiƙu da dama fiye da yadda aka saba, kamar ana gwadawa ana fasawa. Da ta kama na duba:

```
sudo ethtool enp3s0
sudo dmesg | grep -i downshift
```

Umarni na farko ya nuna `1000baseT/Full` a jerin abin da laftof ɗin ya tallata, ya kuma nuna shi a jerin abin da suwic ya tallata, amma a ƙasa an rubuta `Speed: 100Mb/s` da `Duplex: Full`. Na biyu ya fito da wannan:

```
Downshift occurred from negotiated speed 1Gbps to actual speed 100Mbps, check cabling!
```

Na ɗauki laftof ɗin zuwa ɗakin baya na jona shi a ƙofa ta 6 da gajerar waya: gigabit nan take. Na kuma ɗauko kwamfutar ƙurya kanta na kai ta can: gigabit. Ba abin da ya rage sai doguwar waya da kawunanta biyu.

A cikin wayar akwai sili takwas, an murɗe su biyu-biyu sun zama tagwaye huɗu. A jerin da aka fi bi a nan, wanda ake kira T568B, tagwayen ruwan lemo suna kan fil na 1 da 2, kore a 3 da 6, shuɗi a 4 da 5, ruwan ƙasa a 7 da 8. Tsarin megabit 100 da aka fitar a 1995 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, lemo da kore, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. Shuɗi da ruwan ƙasa zaman banza suke yi. Tsarin gigabit na 1999 kuwa yana buƙatar duka huɗun, kowanne na ɗaukar megabit 250, kuma kowanne yana aikawa yana karɓa a lokaci guda. Ita kuma tattaunawar farko, wadda ake musayar jeri a cikinta, a kan lemo da kore kaɗai ake yin ta. Saboda haka idan sili ɗaya ya tsinke a shuɗi ko ruwan ƙasa, na'urorin za su yarda da gigabit, su zo kafa shi ya ƙi, su sake gwadawa. Katuna da yawa an yi su ne yadda bayan 'yan gwaje-gwaje za su haƙura su sauka zuwa 100. Jinkirin fitilar da na gani ke nan. Kuma dalilin da layin ya ɗauke ranar Alhamis ke nan, da aka hana katin wannan sauka.

Na saka 'yar testar nan mai fitilu takwas, uwar a ɗakin baya, 'yar a soket. Fitilu suka bi layi, 1, 2, 3, har 6, ta 7 ta ƙi kamawa, ta 8 ta kama. Silin fari-da-ruwan-ƙasa a katse yake, wuta ba ta wucewa.

Mafi yawan lokaci irin wannan a kan waya yake, inda fil bai huda silin sosai ba, ko a bayan soket. Don haka na yanke kan RJ45 na ɓangaren suwic na matse sabo, na buɗe soket na sake danna silin takwas ɗin. Fitila ta 7 ba ta kama ba. Minti 20 suka tafi a nan.

Sai na koma shafin suwic, wanda yake da wurin gwajin waya. Yadda yake aiki shi ne ya tura ɗan bugun lantarki cikin kowane tagwaye ya jira amsa-kuwwa. Inda sili ya tsinke, bugun yakan dawo, kuma tun da sigina na tafiya kusan santimita 20 a kowane kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, daga lokacin da ya ɗauka ana lissafa nisa. Ba ya faɗin daidai wa daida, yakan kauce da mita ɗaya ko biyu. Tagwaye uku suka nuna tsawo kusan ɗaya, na huɗu ya nuna `Open` a mita 11.

Muka auna da tef daga suwic muna bin bango. Mita 11 da rabi ta kai mu saman sabuwar ƙofa. Da na hau kujera na haska, sai ga wayar an tura ta cikin lungun da ke tsakanin firam ɗin ƙarfe da bulo, ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu, an kuma shafe gefenta da siminti. Rigar wayar ba ta yage ba, ta dai baje ta yi fari a wurin lanƙwasar. Ƙa'ida ita ce kada a lanƙwasa irin wannan waya fiye da da'irar da rabin faɗinta ya kai kaurin wayar sau huɗu, wato kamar a naɗa ta a jikin ƙaramin kofin shayi. Wannan kuwa an karya ta ne a kan kaifin ƙarfe.

Da na yanke wurin na feɗe, silin fari-da-ruwan-ƙasa ya rabu biyu a cikin robarsa. Na kankare wani silin da wuƙa, sai jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, abin da ake rubuta wa CCA a jikin kwali, idan ma an rubuta. Ƙa'idar Cat5e jan ƙarfe zalla ta sani. Alminiyam ya fi araha, amma ba ya jure lanƙwasa, yana karyewa da wuri.

Asabar da yamma: ɗaurin wucin gadi

Magariba ta gabato, ga aiki na jira. Mai shagon ya ce, "Injiniya, ba za a iya ɗaure ta ba zuwa Litinin?" Na ce za a iya, amma za mu auna mu gani. Na yanke abin da ya baje, na murɗe sili takwas ɗin kowanne da ɗan'uwansa, na naɗe da salatef. Testa ta ba da fitilu takwas cif, suwic ya nuna gigabit, fitila ta koma kore.

Sannan na auna gudun da kansa, sabar tana sauraro, laftof yana karɓa:

```
iperf3 -s
iperf3 -c 192.168.1.10 -R -t 30
```

Layin gigabit mai lafiya yakan ba da kusan megabit 940 a wannan gwaji, na 100 kuma kusan 94. Namu ya yi ta yawo tsakanin 400 da 700, layin `Retr` yana ƙirga fakitin da aka sake aikawa da ɗaruruwa, ma'aunin kuskuren `CRC`, wato fakitin da suka iso a lalace, yana hawa. Murɗin da ke jikin tagwaye shi ne yake kare su daga hayaniyar juna, shi ya sa ko a kan waya ba a so a warware fiye da milimita 13. Ni kuwa na warware kusan santimita 5 kafin in sami abin ɗaurewa. Testa mai fitilu ba ta ganin wannan, ita dai ta san ko wuta ta wuce ko ba ta wuce ba. An yi aikin daren da ranar Lahadi a haka, fayil na gigabait 40 yana ɗaukar minti 10 zuwa 12, kuma sau biyu layin ya ɗauke ya dawo a megabit 100 sai da aka cire waya aka mayar.

Litinin: sabuwar waya

Ranar Litinin aka sayo mita 45 na Cat6, na kankare sili ɗaya a gaban mai sayarwa kafin a biya, ja ne har ciki. Aka huda bango sama da firam ɗin ƙofar da taƙi ɗaya, aka saka guntun bututun roba, wayar ta ratsa ta ciki a miƙe. Sauran hanyar aka bi da ita cikin tiranki, kwanoni a sake, babu ƙusar da ta danne ta. Kai biyun duka T568B.

Sakamako: fitilu takwas, ɓangarorin biyu suna nuna gigabit a salon lokaci guda, fitilar suwic na kamawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, gwajin daƙiƙa 30 ya ba da megabit 941, kuskuren `CRC` sifili. Fayil na gigabait 40 ya shigo cikin minti 6. Bayan mako biyu na sake duba shafin suwic, ma'aunin kuskure na ƙofa ta 6 bai motsa ba.

Hukunci

Matsala biyu ce ta hau kan juna, kuma kowacce da kamanninta. Ta waya ta zo da gudu mai tsabta: kashi ɗaya cikin goma daidai, lamba a tsaye, babu kuskure, ɓangarorin biyu sun yarda da juna. Ta saɓanin salon magana ta zo da gudu mai hargitsi, ƙasa da kashi goman nesa ba kusa ba, ga makararren karo a gefe guda. A ganina megabait 11 da ta tsaya cak ranar Litinin ta isa ta sa a duba gudun da layin ya kama tun kafin a taɓa direba ko a sayi data. Cunkoso ko ƙwayar cuta ko faifai mai ciwo ba sa ba da lamba mai kyau haka.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Gwajinsa na farko ma shi ne hujja mafi ƙarfi da aka samu a makon, domin layin da ya mutu da aka ce sai gigabit ya riga ya nuna waya. Kuskuren shi ne barin saitin a tilas a gefe ɗaya. Gigabit a kan wayar jan ƙarfe ba ya kafuwa sai da waccan tattaunawa, domin a cikinta ne ake zaɓen wanda agogonsa zai ja ragamar layin, don haka tilastawa ba ta gyara shi. Idan kuma wata tsohuwar na'ura ta sa dole a kafa megabit 100 da hannu, to a kafa a kai biyun.

Nawa kuskuren shi ne sake matse kawuna kafin in tambayi suwic nisa, alhali gwajin yana gabana kuma bai kai minti ɗaya ba. Ɗaurin salatef kuwa ya fitar da aikin biki, amma da an tsaya a fitilar kore da an bar shagon da layin da ke zubar da fakiti ba wanda ya sani. Akwai 'yar akwatin haɗi da ake danna sili a ciki ba tare da warware murɗi ba, kuma da wayar jan ƙarfe ce ta gaske da ita zan saka in bar sauran. A kan alminiyam ban yarda da ita ba.

Wayoyin sauran kwamfutoci biyun daga kwali ɗaya suka fito da wadda ta karye. Ba su bi ta ƙofar ba, suna kan gigabit, ma'auninsu babu kuskure, don haka ban ce a cire su ba. Na rubuta wa yaron lambobin ƙofofinsu a takarda na manna a jikin suwic, da abin da zai duba duk ranar Asabar: launin fitila, gudun da aka rubuta, da ma'aunin `CRC`.